Yadda Ake Jera Gyare-gyare a Gefen Imel ta Waya Don Mai Rubutu Ya Gane Kuskurensa

A garuruwa irin su Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kusan kowane gida yana da mutum guda da ake tura wa rubutu a ce ya duba kafin a aika. Wani lokaci malamin makaranta ne, wani lokaci yayar gida ce da ta yi karatu, wani lokaci kuma mai shagon kwamfuta ne. Yawancinsu sukan karɓi rubutun ta WhatsApp, su gyara, su mayar da shi tas ba tare da sun ce komai ba. Mai rubutun ya kwafa, ya liƙa a Gmail, ya aika, ya yi godiya. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da wani imel ɗin ɗauke da kurakuran da aka gyara masa wancan karon, domin bai ma san an taɓa su ba.

Wannan darasi ya tsaya ne a kan abu ɗaya: yadda mai dubawa zai haɗa imel ɗin da ya gyara da gajeren jeri da ke nuna abin da ya canza da dalilin canzawa, duk a kan wayar hannu. Aikin ba ya wuce ƙarin minti biyar zuwa goma, amma shi ke sa mai rubutu ya rage dawowa.

Illar gyaran shiru

Gyaran shiru yana da illa biyu. Ta farko ita ce ido ba ya kama ƙananan canje-canje a fuskar waya. Wanda ya rubuta "yace" aka mayar masa da "ya ce" zai karanta ya wuce, saboda a kunnensa duk ɗaya ne. Sai an ɗauko kalmar an ajiye masa tsohuwar kusa da sabuwar sannan zai ga akwai bambanci.

Illa ta biyu ta fi haɗari. Mai dubawa ya san ƙa'idar rubutu, amma bai san cinikin ba. Idan ya ga lissafi bai yi daidai ba ya gyara da kansa, yana iya gyara lambar da take daidai ya bar wadda take kuskure. Imel ɗin kuma zai fita ne da sunan mai rubutu, shi za a kama da abin da ke ciki. Jerin gyara shi ke ba mai rubutu damar ya ce, "A'a, wannan ba haka nake nufi ba," tun kafin saƙo ya bar hannunsa.

Misalin da za a bi

A ɗauka wani matashi ne a Tudun Wada, garin da aka sani da cinikin shinkafa, yana riƙe wa mahaifinsa waya da lissafi. Wani kamfani a Kano ya nemi a turo masa farashi a rubuce ta imel. Matashin ya rubuta da Hausa, ya tura wa yayarsa da ke koyarwa a Bebeji ya ce, "Yaya, don Allah ki duba mini kafin la'asar." Alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai. Ga abin da ya turo:

```
Subject: Salam

Assalamu alaikum, ranka ya dade.
Ina fatan kana lfy. Babana yace in sanar
dakai cewa shinkafar mu tana nan, buhu 40
mai kilo 50. Farashin shine N55,000 kowane
buhu, jimla N2,020,000. Za'a kara kudin
mota akan farashin. Zamu loda kaya jibi
idan kun amince. Shinkafar sabuwa ne, bamu
hadata da tsohuwa ba.
Nagode.
```

Wannan ɗan gajeren saƙo yana da wurare 17 da ke buƙatar gyara, ban da abubuwa biyu da ba mai iya gyara su sai shi mai rubutun. Idan yayar ta jera duka 17 ɗaya bayan ɗaya, ƙanen nata ba zai karanta ya kai ƙarshe ba. Don haka kafin ta taɓa komai sai ta ware abin da ta gani gida uku.

Mataki na farko: a ware tambaya, kuskure da shawara

Gida na farko shi ne tambaya, wato duk abin da ya shafi kuɗi, adadi, rana, suna ko alƙawari. A misalin nan buhu 40 a kan N55,000 ya kama N2,200,000 ne, amma an rubuta N2,020,000. Tazarar N180,000 ce. Mai yiwuwa yatsa ne ya juya lambobi biyu, mai yiwuwa kuma an yi wa kamfanin ragi, ko kuwa adadin buhunan ne ba daidai ba. Yayar ba ta da hanyar sani, saboda haka ba za ta gyara ba, tambaya za ta yi. Haka ma kalmar "jibi". Idan ma'aikacin kamfanin bai buɗe imel ɗin ba sai washegari, jibinsa da jibin mai rubutu sun sha bamban, ga shi kuma mota za a ɗauka haya daga Tudun Wada ta bi ta Kwanar Dangora zuwa Kano. A nan ma ranar da kwanan watan daga bakin mai rubutu za su fito.

Gida na biyu shi ne kuskure, wato abin da ƙa'idar rubutu ta riga ta yanke hukunci a kansa, kamar haɗa kalmomin da ake rabawa ko barin harafi mai ƙugiya. Wannan mai dubawa yana da ikon gyarawa kai tsaye, matuƙar zai faɗi abin da ya yi.

Gida na uku shi ne shawara, wato abin da ba kuskure ba ne amma wata hanyar ta fi dacewa. "Babana" Hausa ce daidai, sai dai "mahaifina" ta fi zama a wasiƙar kasuwanci. Irin wannan ba a canza shi a cikin imel ɗin. A ƙarshen jeri ake ambatonsa a bar wa mai rubutu zaɓi. Mai dubawa da ke cakuɗa shawara da kuskure yakan sa mai rubutu ya ɗauka komai nasa ba daidai ba ne, daga nan ya daina ƙoƙari ya koma jiran a rubuta masa.

Mataki na biyu: kowane layi ya ƙunshi abu uku

Layin gyara mai amfani yana ɗauke da abin da aka rubuta, abin da aka mayar da shi, da dalili a cikin kalmomi da ba su wuce goma zuwa sha biyu ba. Idan aka bar dalilin, mai rubutu zai gyara wannan kalmar kaɗai. Idan aka sa dalilin, zai iya gyara sauran 'yan'uwanta da bai rubuta ba tukuna. Wanda aka ce wa "ya ce, ba yace ba" ya koyi kalma ɗaya. Wanda aka ƙara wa "ana raba ya, ta, mu da aikin da ke biye" ya koyi "ya zo", "ta tafi" da "mu gani" a lokaci guda.

Ana kuma tara kurakurai iri ɗaya a layi ɗaya. A imel ɗin matashin an haɗa kalmomin da ake rabawa har sau takwas, amma kuskure ɗaya ne ya maimaitu, don haka layi ɗaya ya ishe shi. Da wannan dabara wurare 17 suka dawo layi bakwai. Ga jerin da yayar ta tura:

Tambayoyi, ka amsa kafin ka aika:

1. Buhu 40 sau N55,000 ya kama N2,200,000, kai kuma ka rubuta N2,020,000. Ka tambayi Baba wanne ne.
2. "Jibi" wace rana ce? Ka sa sunan ranar da kwanan wata.

Abin da na gyara:

1. Take: "Salam" ya koma "Farashin shinkafa buhu 40 daga Tudun Wada". Take shi ke faɗin abin da ke ciki.
2. dade, kara, kudin, hada sun koma daɗe, ƙara, kuɗin, haɗa. Ƙugiya na canza ma'ana: kara na dawa ne, ƙara kuwa daɗawa.
3. yace, dakai, shine, za'a, zamu, bamu, hadata, nagode sun koma ya ce, da kai, shi ne, za a, za mu, ba mu, haɗa ta, na gode. Kowacce kalmomi biyu ce.
4. shinkafar mu ta koma shinkafarmu. Gajeriyar mallaka a haɗe take, kamar gidanmu da motarsa.
5. akan ta koma a kan. "A kan" na nufin bisa, "akan" kuwa abin da aka saba yi, kamar "akan loda kaya da safe".
6. sabuwa ne ta koma sabuwa ce. Shinkafa mace ce.
7. lfy ta koma lafiya. Taƙaita kalma ta hira ce, ba ta imel ba.

Shawara, in ka ga dama: "mahaifina" a madadin "babana", sannan ka sa cikakken sunanka da lambar waya a ƙasa.

Tsarin jerin yana da dalili. Tambayoyi ne a sama saboda su ne za su iya jawo asarar kuɗi, kuma mai karatu a waya ya fi kula da layukan farko. Take ya biyo baya saboda shi ne abu na farko da ma'aikacin kamfanin zai gani a akwatin saƙonsa, kuma da shi zai nemo imel ɗin daga baya. Ƙananan abubuwa suka zo ƙarshe. Babu layin da ya ce "kai kullum haka kake yi", kowane layi ya tsaya a kan kalmar da aka gyara.

Mataki na uku: saƙo biyu daban a WhatsApp

A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna. Idan aka danne saƙo a WhatsApp aka zaɓi `Copy`, saƙon gaba ɗaya ake kwafowa. Saboda haka idan mai dubawa ya haɗa imel ɗin da jerin gyara a saƙo ɗaya, mai gaggawa zai iya liƙa su duka a Gmail, kamfani ya karanta "ka tambayi Baba wanne ne". Idan kuma aka yayyanka imel ɗin zuwa saƙonni uku aka kwafe su tare, WhatsApp yakan saka kwanan wata, lokaci da sunan mai turowa a gaban kowane yanki. Hanyar da ta fi tsafta ita ce imel ɗin ya tafi a saƙo guda shi kaɗai, jerin kuma ya tafi a nasa saƙon.

Ga saƙon imel ɗin da yayar ta tura:

```
Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.
Ina fatan kana lafiya. Babana ya ce in
sanar da kai cewa shinkafarmu tana nan,
buhu 40 mai kilo 50. Farashin shi ne
N55,000 kowane buhu, jimla [TAMBAYA 1].
Za a ƙara kuɗin mota a kan farashin. Za mu
loda kaya [TAMBAYA 2] idan kun amince.
Shinkafar sabuwa ce, ba mu haɗa ta da
tsohuwa ba.
Na gode.
```

Ta bar guraben tambayoyin da manyan baƙaƙe da gangan. Da ta bar tsohuwar lambar a wurin, ƙanen zai iya mantawa ya aika a haka. Gurbi mai manyan baƙaƙe kuwa yana tsone ido, kuma jimlar ba ta karantuwa sai an cike shi. Taken imel ɗin bai shiga wannan saƙo ba, domin a Gmail yana da nasa gurbin mai suna `Subject`, kuma yana nan a layin farko na jerin gyara.

A saƙon jerin ne ake amfani da kwalliyar rubutu ta WhatsApp. Alamar `~` a gaba da bayan kalma tana ja mata layi a tsakiya kamar an soke ta, alamar `*` kuma tana ƙara mata kauri. Ga yadda ake buga layi na shida:

```
6. ~sabuwa ne~ *sabuwa ce* Shinkafa mace ce.
```

Dole alamar ta manne da harafin farko da na ƙarshe. Idan aka bar fili tsakaninsu, kwalliyar ba za ta fito ba, sai dai alamomin su bayyana tsirara. Tun watan Fabrairun 2024 WhatsApp yana tsara jeri mai lamba da kansa idan aka buga lamba, aya, sannan fili a farkon layi. Abin kiyayewa shi ne kada a sa waɗannan alamomi a cikin saƙon imel ɗin kansa, domin idan aka kwafa aka liƙa a wata manhajar sukan biyo rubutun. Idan mai dubawa ya ga ya yi kuskure a jerin bayan ya tura, yana da minti 15 da zai danne saƙon ya zaɓi `Edit` ya gyara.

Matsalar allon rubutu

Layi na biyu a jerin ba zai yi amfani ba idan wayar mai rubutu ba ta da haruffan ɓ, ɗ da ƙ. Yawancin masu barin ƙugiya ba rashin sani ne ke damunsu ba, allon rubutunsu na Turanci ne. Shi ya sa ya dace mai dubawa ya haɗa gyaran da maganinsa sau ɗaya. A Gboard ana shiga `Settings`, sai `Languages`, sai `Add keyboard`, a zaɓi `Hausa`. Daga nan haruffan suna samuwa, kuma allon zai rage mayar da kalmomin Hausa zuwa na Turanci da kansa. Wanda bai yi wannan ba zai ci gaba da rubuta "baki" yana nufin baƙi, ko "kasa" yana nufin ƙasa, ko da an jera masa gyaran sau goma.

Yaushe Google Docs ya fi dacewa?

Idan rubutun ya yi tsawo, kamar takardar neman aiki mai shafi guda ko rahoton ƙungiya, Google Docs yana sauƙaƙa aikin. Mai rubutu ya liƙa rubutunsa a sabon fayil, ya danna `Share`, ya saka imel ɗin mai dubawa da matsayin `Commenter`. A wayar Android mai dubawa zai iya danna ɗigo ukun da ke sama ya kunna `Suggest changes`. Duk abin da ya goge zai fito da layi a tsakiya, abin da ya ƙara kuma ya fito da launi, mai rubutu ya karɓa ko ya ƙi ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai wannan tsari yana nuna abin da aka canza ne kawai, ba ya faɗin dalili. Mai rubutu zai iya danna alamar karɓa sau 17 bai koyi komai ba. Don haka ko a Docs jerin yana nan daram, sai dai ya ƙara gajarta, tunda tsohuwar kalma da sabuwar suna bayyane. Ga kuma batun sabis. Wanda ke ƙauyukan da ke kewayen dajin Falgore ko wajen Riruwai, idan sabis ɗinsa na zuwa yana ɗaukewa, saƙon rubutu zalla na WhatsApp zai riga fayil isa gare shi. Ga imel mai layi goma, saƙo biyun nan sun wadatar.

Inda jerin ke lalacewa

Ana gane jeri ya yi tsawo idan ya fi imel ɗin da aka gyara yawan kalmomi nesa ba kusa ba, ko idan sai an ja fuskar waya sau uku kafin a kai ƙarshensa. A irin wannan hali a zaɓi kurakurai biyar zuwa bakwai da suka fi maimaituwa a yi musu bayani, sauran a tara su a layi ɗaya ba dalili, amma kada a ɓoye su. Ana kuma gane dalili bai yi ba idan ya ƙunshi sunan nahawu da mai rubutu bai sani ba. Ga wanda bai karanci Hausa a makaranta ba, misali biyu irin "gidanmu, motarsa" sun fi masa sunan ƙa'idar amfani.

Idan lokaci ya ƙure, ana iya tura imel ɗin da tambayoyin nan take, jerin kurakurai ya biyo baya da dare. Tambayoyi kam ba a jinkirta su, domin da zarar an danna `Send` a Gmail, maɓallin `Undo` na 'yan daƙiƙu ne kawai, bayansa saƙo ya tafi ke nan.

Idan imel ɗin na Turanci ne, tsarin bai canza ba. A rubuta dalilin da Hausa, harshen da mai rubutu ya fi ganewa da sauri. A kula da kwanan wata na lambobi zalla idan saƙon zai fita ƙasar waje, domin 3/4 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Wannan ma gidan tambaya yake shiga.

Yadda ake sanin an koya

A misalin nan matashin ya je ya tambayi mahaifinsa, aka tabbatar jimlar N2,200,000 ce, ya cike guraben biyu sannan ya aika. Awon gaskiya kuwa yana zuwa ne a imel na gaba. Yayar za ta buɗe tsohon jerin, wanda ta sa wa alamar tauraro a WhatsApp don ya yi sauƙin nema, ta ƙirga layuka nawa ne suka sake dawowa. Idan ƙugiya da take sun gyaru amma "yace" da "zamu" suna nan, ta san inda matsalar ta rage.

A karo na biyu ba ta gyara masa kuskuren da ta riga ta yi wa bayani. Nuni kawai take yi, ta ce, "Ƙanena, a layi na uku akwai kalmomi biyu da ka haɗa, nemo su ka turo mini." Wanda ya nemo kuskure da kansa ya fi riƙe shi a kan wanda aka nuna wa. Shi kuma mai rubutu, abin da ya rage masa shi ne ya kwafe jerin zuwa manhajar ajiye rubutu ta wayarsa, ya buɗe shi ya bi layi-layi a kan sabon imel ɗinsa kafin ya tura wa kowa ya duba.